Kaji, awaki ko kifi: yadda za ka zaɓi wanda ya dace da kai a Damagaram

Tambayar da aka fi yi min ita ce wai a cikin kaji da awaki da kifi wanne ya fi riba, kuma duk wanda ya tambaye ni haka sai in ce masa ya fara gaya min abu biyu tukuna, jika nawa ne a hannunsa kuma daga ina yake samun ruwa. Don wallahi a garin nan waɗannan biyun ne ke yanke hukunci tun kafin a zo maganar riba. Ɗan yayata ya zo min da jika 300 da ya tara, yana da ɗan fili a bayan ɗakinsu a Garin Malam mita 4 a kan mita 5, ransa duk yana kan kifi saboda ya ga bidiyon wasu a Kano suna kwashe tarwaɗa. Muka zauna da biro da takarda, to lissafin da muka yi da shi ne zan bi da ku mataki mataki. Farashin da zan sa na misali ne don lissafin ya fito, kai ranar da za ka yi naka ka shiga kasuwar Dole ka tambayo na ranar ka sauya, musamman ƴan tsaki da abincin kifi da yawanci daga Kano ake kawo su, kuɗinsu na bin canjin naira da halin da iyaka ke ciki.

Mataki na farko: lissafa kuɗin ci har ranar saidawa

Kuskuren da ke kashe yawancin masu farawa shi ne su kwashi kuɗin gaba ɗaya su sayi dabbar, su manta cewa sayen ta shi ne ƙaramin kashi. A kaji da kifi abinci kaɗai yakan cinye kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da za ka kashe. Saboda haka kafin ka ce kaji nawa zan saya, ka tambayi kanka kaji nawa zan iya ciyarwa har ranar da za su bar gidana ba tare da na ci bashi ba.

Ga yadda yake a kajin nama. Kaza ɗaya daga ranar da aka kawo ta tana ƴar tsako har sati shida zuwa bakwai takan ci kilo 4 zuwa 5. Ɗan yayan nawa ya so ya sa 100, muka lissafa, tsaki 100 a kan dala 140 kowanne jika 70 ke nan, abinci kilo 450 wato buhu 18 mai kilo 25, in buhu jika 10 ne ka ga jika 180, ga allurar rigakafi da gawayin ɗumama su da buntun shimfiɗa jika 20, ga kwanonin ci da sha jika 15, an kai 285 ba a ma gyara ɗakin ba. Ka ga ke nan jika 300 ba kuɗin kaji 100 ba ne, kuɗin 60 ne. A 60 ɗin tsaki 42, abinci buhu 11 jika 110, magani da gawayi 15, kwanoni 15, gyaran ɗaki da waya 40, duka 222, saura 78 a ajiye don abin da ka iya tasowa.

Kajin ƙwai kam na ce masa kada ma ya kalle su yanzu. Sai sun kai sati 18 zuwa 20 suke fara ƙwai, wato kusan wata biyar kana zuba abinci ko ƙwai ɗaya ba ka gani ba, kowace ta ci kilo 7 zuwa 8 kafin nan. Wannan na mai albashi ne ko mai wata sana'ar da ke shigo da kuɗi kullum.

Kifi shi ne ya fi yaudarar mutum, don ƴan tarwaɗa 500 a kan dala 20 kowanne jika 50 ne kawai, sai ka ga kamar abin banza. To amma in kana so kowanne ya kai giram 800, a ce 450 suka rayu, kilo 360 ke nan na kifi, kuma kowane kilo ɗaya na nama yana cin kamar kilo ɗaya da giram 200 na abinci mai kyau, ka ga kilo 430, kusan buhu 29 mai kilo 15. A jika 13 buhu an haura jika 370, abinci kaɗai ya wuce duk jarin, ba a sayi tamfol ba ba a haɗa katako ba. Kuma kifi abin haushinsa a wata na huɗu da na biyar ne yake cin mafi yawan abincin, daidai lokacin da aljihun mai shi ya bushe, sai ka ga mutum ya koma ba su dusa da ragowar tuwo, su tsaya cak ba sa girma ruwan kuma ya lalace.

Awaki su ne akasin haka, kuɗin sayen ya fi nauyi amma cin yana da sauƙi kuma a nan gida ake samun sa. Bunsuru 5 a jika 25 kowanne 125. Kowanne a rana yana buƙatar kamar kilo ɗaya na harawa da giram 400 zuwa 500 na dusa haɗe da kowar wake ko ɗan tunkuza, in muka ce dala 40 a rana kowanne, kwana 100 jika 100 ke nan su biyar. Magani 10, rumfa da turaku 20, duka 255. Ya shiga cikin jika 300 har da ɗan saura.

Mataki na biyu: auna fili, sannan ka ƙirga jarkokin ruwa

Fili ba shi ne babbar matsala ba ga mai farawa. Kajin nama a kan sa 10 a kowace murabba'in mita, amma da zafinmu kada ka wuce 8, saboda haka 60 suna son ɗaki kamar mita 2 a kan mita 4, rabin bangon a buɗe da waya iska na ratsawa, tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, kuma in rufin kwano ne a shimfiɗa zana ko kara a sama. Bunsuru ɗaya mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe shi a inuwa, ƙasan a bushe. Kifi 500 kuma tafkin tamfol mita 2 a kan 3 da zurfin ruwa mita ɗaya ya ɗauke su. Ka ga kowanne daga cikin ukun zai shiga filin yaron nan.

Ruwa ne ke raba gardama. Duk ɗan Damagaram ya san garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, su Gogo da Macaya da Arungoza, kuma in bazara ta yi akwai unguwannin da sai tsakar dare ake tashi tarar ruwa in ma ya zo. To tafkin nan mita 2 a kan 3 lita 6000 yake ci. In kifin sun fara girma dole duk kwana biyu ka zubar da aƙalla kashi ɗaya cikin uku ka sa sabo, lita 2000, wato jarka 80 mai lita 25. Ko a dala 5 ƴan garuwa ke ba ka jarka, jika 2 ke nan duk kwana biyu, jika 30 a wata, kuma kun san a watan Afrilu ba wanda zai ba ka a dala 5. Sannan ina za ka zubar da wanda ka cire? Ruwan tarwaɗa yana da wari, ka sake shi a lungu sau biyu maƙwabta za su kai ka gun mai unguwa.

Shi ya sa nake cewa kifi na mai garka ne. Wanda ke da rijiya ko fanfon burtsatse a wajen Mirya, Gidimuni, Matamai ko Magarya inda ruwa ke kusa, shi kifi ya dace da shi sosai, don ruwan da ya cire ma taki ne, ya juya shi kan salati da kabeji da tumatir ya ci riba biyu. Amma a cikin Birni ko Zango da ruwan saye, ni dai ban ba kowa shawara ba. Kuma ko ruwan pampo za ka yi amfani da shi kada ka zuba kai tsaye, ka tara a tano ya kwana a buɗe maganin da ake sa masa ya fita.

Kwatanta da sauran: awaki 5 jarka ɗaya a rana ta ishe su, kowanne lita 3 zuwa 5. Kaji 60 in sun girma jarka ɗaya ko ɗaya da rabi lokacin zafi. A nan muka soke kifi daga takardar, yaron bai ji daɗi ba amma da ya ƙirga jarka 80 da kansa shi ma ya yi shiru.

Mataki na uku: tambayi kanka, in ciwo ya shigo nawa zai bar min

Nan ne nake so a tsaya da kyau, don bambancin ukun ba a yawan ciwon yake ba, a yadda asarar ke zuwa yake.

Kaji asararsu gaba ɗaya take zuwa. Annobar nan da likitoci ke kira Niyukasil, wadda ke share kajin gida duk lokacin ɗari, in ta shiga ɗakin da ba a yi rigakafi ba cikin kwana uku huɗu za ta iya kwashe kusan duka. Za ka gan su sun yi jugum, kashi kore, numfashi da kurari, wasu wuya ya murɗe. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai. Tsarin da aka saba shi ne HB1 na Niyukasil a satin farko, na wani ciwon da ake kira Gumboro wajen kwana 10 zuwa 14 a maimaita bayan sati ɗaya ko kwana goma, Lasota shi ma na Niyukasil wajen kwana 21. Abin da mutane ba sa kula da shi shi ne maganin rigakafin nan zafi na kashe shi, in ka sayo shi ka sa a aljihu ka hau kabu-kabu cikin rana ka iso gida da ruwan banza. Ka tafi da kula da ƙanƙara, ka hana kajin ruwa kamar awa ɗaya ko biyu da sassafe don su ji ƙishi, ka dama a ruwan da ba maganin pampo a ciki, su shanye cikin awa biyu. Na taɓa yin asarar tsaki sama da rabi saboda na sayi magani a wani shago da kuran ya ɗauke musu kwana biyu firjin ya huce ban tambaya ba, har yau in na tuna raina na ɓaci, don haka ka tambaya, ba rashin kunya ba ne.

In ka ga kashi da jini kuma suna takurewa, wannan daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ne, yana da magani amma sai ka kwashe buntun da ya jiƙe. Murar tsuntsaye kuma ba labarin nesa ba ce gare mu, a 2006 a Magarya aka fara tabbatar da ita a ƙasar nan. In kaji suka fara faɗuwa da yawa ba alamar komi, kada ka yanka ka kai kasuwa, ka kira ma'aikatan kiwo. Ga kuma zafi, wanda shi ba ciwo ba ne amma yana kisa kamar ciwo: kazar da ta kai sati biyar a watan Afrilu ko Mayu, rana ta haura digiri 40, za ka ga ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai, kuma manyan da ka fi sa wa rai su ke fara mutuwa. Gidan ɗan yayana akwai kajin Hausa da zabi na mahaifiyarsa suna yawo a tsakar gida, wannan kaɗai ya ƙara wa kajin nama haɗari, don su ne ke ɗauko ciwon su kawo.

Kifi ma gaba ɗaya yake tafiya, sai dai shi yawanci ruwa ne ke kashe shi. In ka ga sun taso sama sun tsaya a tsaye suna haɗiyar iska, sun ƙi abinci, ruwan ya yi kumfa da wari, to ka sauya ruwa nan take ka dakatar da abinci ranar. Kuma tarwaɗa na cin ɗan'uwansa, in ba ka ware manya daga ƙanana duk sati biyu a watanni biyun farko ba, ka zuba 500 ka kwashi 300 ba ka ga gawa ko ɗaya ba.

Awaki su asararsu ɗaiɗai take zuwa, kuma tana ba ka lokaci. Babbar annobarsu ita ce wadda ake rubutawa PPR, zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo, ita ma tana iya kwashe garke amma allura ɗaya tana kare dabba shekaru, kuma ma'aikatan kiwo na zagayawa yin ta. Sauran aikin a wurin saye yake. Ka nemi bunsuru ɗan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka buɗe bakinsa, in manyan haƙora biyu sun fito a gaba ko suna shirin fitowa to shi ne. Ka zaɓi mai dogon ƙashi da faɗin ƙirji wanda yunwa ce ta ramar da shi, don shi ne zai cika, wanda ya riga ya yi ƙiba wani ya riga ka cin ribarsa. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa, in ja ce lafiya, in ta yi fari fat tsutsa ta shanye masa jini. Ka duba hanci ba majina, gindi ba alamar zawo, ka ɗan kora shi ka ga ko zai yi tari. Jar akuyar Maraɗi da ire-irenta sun fi jure zaman turke, dogayen na arewa irin na wajen Tanut sun fi girman jiki amma sun saba da yawo, sukan ɗau lokaci kafin su saki jiki.

Da ka kawo su ka ɗaure su nesa da dabbobin gida sati biyu zuwa uku, a ba su maganin tsutsa a yi musu allurar ƙaiƙayi da ƙwari. Kada ka cika musu dusa ranar farko don murna, ka fara da ɗan tafin hannu kana ƙarawa har kwana goma, in ba haka ba ciki ya kumbura ta hagu kamar ganga, kuma hatsi ko ragowar tuwo mai yawa lokaci guda yana kashe akuya a dare ɗaya. Ka ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, ka kuma tsince leda daga wurin, leda ta kashe dabbobin garin nan ba adadi. In ma abu ya faskara, akuya ana iya yankawa a rage asara, sai dai in an yi mata allura kwanan nan a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a ci naman.

Mataki na huɗu: fara daga ranar saidawa ka ƙirgo baya

Kajin nama sati 6 zuwa 7, awaki kwana 90 zuwa 120, tarwaɗa wata 5 zuwa 6, kuma in ta ratsa Disamba da Janairu ka ƙara wata guda don ruwa in ya yi sanyi ba ta cin abinci sosai. In a kan gudu ne kaji sun yi gaba, amma gudun nan yana da ƙaya. Duba lissafin 60 ɗin nan: a ce 56 suka kai, aka saida jika 3 da rabi kowace, 196. Abin da aka kashe ban da ɗaki da kwanoni 167, riba 29 a sati bakwai. To kazar da ta kai wannan girman tana cin sama da kilo ɗaya a sati, 56 za su cinye kusan buhu 3, jika 27 zuwa 30. Wato sati ɗaya kacal na rashin mai saye ya cinye ribar duka, kuma mai gasa kaji ba zai ƙara maka kuɗi don ta ƙara nauyi ba, a kan kai yake saye ba a kan kilo ba. Saboda haka kada ka sa tsaki sai ka zaga wurin masu gashi da masu gidan abinci ka ji nawa kowa zai ɗauka kuma yaushe zai biya. Lokacinsu mai kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko ka auna su fito daidai ƙarshen azumi in bai faɗo tsakiyar zafi ba.

Bunsuru kuwa in ka kai shi kasuwa ranar Alhamis dillali ya taya ba daɗi, ka jawo abinka ka dawo gida, sati ɗaya dala 280 kawai zai ci. Masu tukuba da mahauta da masu suna suna nema duk shekara, a babbar salla kuma duk da rago aka fi so, wanda bai kai ga rago ba bunsuru yake nema. A lissafinmu an kashe 235 ban da rumfa, in an saida kowanne jika 55 an sami 275, riba 40 a wata uku da ɗan kai. Ba yawa, kuma in ɗaya ya mutu ta tafi. Inda ribar take a ɓoye shi ne lokacin sayen harawa. Damin da za ka saya da arha a kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, kafin bazara ya ninka ko ya fi. Wanda ya tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa tun kaka, ya tsinto ƴaƴan gawo ya haɗa, cin kowane bunsuru zai iya saukowa dala 25 a rana, ribar ta tashi daga 40 zuwa wajen 77, ga taki da masu garka ke saye.

Abin da muka tsayar da yaron nan shi ne wannan. Kifi sai ranar da ya sami garka mai rijiya. Kaji a jira har a killace na mahaifiyarsa kuma sanyi ya shigo, lokacin ya gwada 30 kawai don ya koyi hannu. Yanzu ya sayi bunsuru 4 maimakon 5, jika 100, ya sa jika 60 a harawa da dusa tun da kaka ce, 30 a rumfa da magani, sauran 110 ya bar su a hannun mahaifiyarsa kada a taɓa. Na kuma sa ya sayi ɗan littafi da igiyar awo irin ta tela, duk ranar Juma'a ya auna ƙirjin kowane bunsuru daidai bayan ƙafafun gaba ya rubuta, wanda ya yi sati uku awonsa bai motsa ba alhali yana ci, a sake masa maganin tsutsa, in ya ƙara sati biyu a haka a fitar da shi kasuwa a maye gurbinsa da wani.